Ƙafa mai waya ko aloyi: abin da na gani bayan gyaran rim ɗina

Shekara uku ina hawan babur mai ƙafar waya, ina ɗauko buhunan masara daga ƙauyenmu zuwa kasuwar Dawanau. Bara na ƙara da wani mai ƙafar aloyi, wato ƙafar zubi marar waya, don haka duka biyun na san halinsu a hanya.

A daminar da ta wuce na faɗa wani rami da ruwa ya rufe, ga buhu biyu a baya. Ban ga komai ba a lokacin. Bayan kwana uku sai bayan babur ya fara rawa idan na ɗan taka, ina kuma jin wani ƙas-ƙas daga ƙafar baya. Da na duba, waya biyu sun karye, duka a gwiwarsu, wato inda suka lanƙwasa suka shiga hob, cibiyar ƙafar. Nan ne waya ta fi karyewa, kuma yawanci sakinta ne sila: wadda ta saki tana motsi a duk juyin ƙafa har ƙarfen ya gaji, maƙwabtanta kuma su ɗauki nauyin da ba nasu ba.

Na kai wa wani dattijo mai ɗaurin waya, kuma aikinsa ne ya sa na zauna rubuta wannan. Bai taɓa noti ko ɗaya ba sai da ya cire taya da tib, ya girgiza ƙafar ya tabbatar ba boris ne ya mutu ba. Sannan ya bi wayoyin 36 ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasa su da sufana. Mai ƙarfi tana ƙara siririya, ting, wadda ta saki kuwa sai ka ji dum. Ya sami bakwai da suka saki. Ya kuma nuna mini cewa wayar ciki da ta waje ba lanƙwasa ɗaya gare su ba, shi ya sa bai yarda ya sa duk wadda hannunsa ya kai ba.

Da ya ɗora ƙafar a kan ƙarfe ya juya ta, sai ya riƙe alli dab da bakin rim. Inda rim ɗin ya karkata hagu, allin ya bar zane. A daidai wurin ya sassauta wayoyin da ke zuwa hagun hob, ya ɗaure na dama, kwatan juyi kawai, ya sake juyawa. Na ƙosa na ce, "Baba, ka ɗaure su tamau mana mu tafi." Ya ce, "Ɗana, in na ɗaure nan da yawa, can zai tashi, ƙafarka ta koma ƙwai." Haka ya yi ta bi har rawar ta dawo ƙasa da milimita 2, wanda shi ne iyakar da littattafan babura da yawa ke bayarwa. Lotsawar bakin rim kuwa, katako ya ɗora ya buga da guduma a hankali, ba wuta. A ƙarshe ya goge kan wayoyin da suka leƙo ta ciki, ya mayar da robar da ke rufe su, don kada su huda tib. Ya ce in dawo bayan mako ɗaya, sababbin wayoyi sukan zauna su ɗan saki. Na dawo, ya ƙara wa uku.

Aloyi fa? Tana da daɗinta, ba zan ɓoye ba. Babu wayar da za ka riƙa dubawa, wanki minti biyu ne, kuma da yake tawa tubles ce, ranar da ƙusa ta shige ta a hankali iskar ta riƙa fita har na isa wurin mai faci. Da tib ne, nan take zan fara turi.

Amma aloyi ba ta da haƙurin duka. Ta abokin aikina ta daki dutse, bakin ya lotsa, iska ta daina zama. Aka gasa wurin da wuta aka buga, ta miƙe kamar gaske, bayan 'yan makonni siririn tsagu ya fito a gindin ɗaya daga cikin hannayenta. Zafi yana rage wa irin wannan ƙarfen ƙarfi, ido kuma ba ya gani. Ƙaramar lotsawa ƙwararre zai iya miƙe ta da injin matsa, amma wadda ta tsage ni ba zan hau ta ba ko an yi mata walda, musamman a gaba. Sabuwa ya saya.

Yanzu mai aloyin na bar shi a cikin gari, kai yara makaranta da zirga-zirgar kwalta. Hanyar ƙauye da kaya kuwa mai wayar nake ɗauka, kuma duk ranar Juma'a da safe, kafin in wanke shi, sai na bi wayoyin ƙafar baya da sufana na saurari muryarsu.