Wata shida ina gyaran hotunan biki da Calque de réglage

Ina da ƙaramin shagon hoto kusa da babbar kasuwar Maradi, kuma shekaru na yi ina gyara a Photoshop kai tsaye bisa jikin hoton. In ƙara haske, in canza launi, in ajiye JPEG, shi ke nan. Dogarona Historique ne, jerin matakan da ake komawa baya da shi, alhali yana ɓacewa da zarar ka rufe hoton. Sau nawa mai hoto ya dawo ya ce a rage kaza, na koma tun daga farko!

Wata shida ke nan da na koma aiki da Calque de réglage, kuma gaskiya ya biya ni. Kamar leda ce mai ganin ciki da ka shimfiɗa bisa hoto: gyaran yana kan ledar, hoton na ƙasa ba a taɓa shi ba.

Wata Hajiya ta kawo hoton ɗiyarta amarya cikin jan leshi, fitilar ɗakin ta dusashe shi. Na ɗora Courbes don haske, sannan Teinte/Saturation don jan ya fito. Matsalar ita ce jan bai tsaya kan leshi ba, ya hau leɓe da lallen hannu, har fatar ta soma yin ja. Nan Masque de fusion, ɗan farin akwatin da ke gefen ledar Teinte/Saturation, ya yi aikinsa. Fari yana nuna gyara, baƙi yana ɓoye shi, toka-toka kuma rabi da rabi. Na danna Ctrl+I ya koma baƙi gaba ɗaya, na ɗauki buroshi mai taushi da farin launi na bi leshin kaɗai. Inda hannu ya zarce kan wuya, sai in danna X, launi ya juya baƙi, in goge.

Bayan kwana uku ta dawo. “Ɗana, fuskar nan ta yi fari da yawa, dangin miji za su ce mai take shafawa.” Na ce, “Hajiya, zauna ki gani.” Na buɗe PSD, fayil ɗin Photoshop mai riƙe ledojin gyaran, na sauke Opacité, wato ƙarfin gyara, na Courbes daga 100% zuwa 60%, kalarta ta dawo, gyaran jan leshin kuma yana nan. Ko minti biyu ba a yi ba.

Akwai inda ake tuntuɓe. In ba ka danna ɗan akwatin Masque de fusion ba, buroshin zai iya sauka kan hoton kansa; alamar ita ce ka ga baƙin fenti a fuskar mutum maimakon gyara ya ɓuya. Sannan duk wannan sauƙin yana cikin PSD ne. JPEG yana manne komai wuri guda, don haka shi nake tura wa mai hoto ta WhatsApp, PSD ɗin ya zauna wurina. Yana da nauyi kam, har sai da na sayi faifan ajiya na waje saboda hotunan bikin bayan Sallah.