Odoo a sito: ƙidayar zagaye ta kama mana giɓi, amma a kula da maɓallin Apply

Muna sayar da kayan masarufi a sari a Kasuwar Singa da ke Kano: madara, taliya, sabulu, man girki. Tun da muka koma kan Odoo 17 don lissafin kayan sito, 'yan kasuwa da dama sun tambaye ni ko manhajar tana hana sata. Ba ta hanawa. Abin da take yi shi ne ta nuna maka giɓi tun yana ɗanye, kuma wannan kaɗai ya biya kuɗinta a wurina.

A da ƙidayar ƙarshen shekara kawai muke yi. A rufe sito, kowa ya ɗauki takarda, a ƙirga komai daga ƙofa zuwa ƙurya. Illarta ita ce idan ka ga katan 30 na madara sun ɓace a Disamba, ba ka san ko a Maris suka fita ko a Oktoba ba. Takardun lodi sun yi tsibi, wani yaron sito ya bar aiki, direban da ya ɗauki kayan ma ya canza layi. Ƙarshenta sai akanta ya rubuta "gyaran ƙarshen shekara" a layi ɗaya, a rufe littafi.

Ƙidayar zagaye kuwa ita ce ka riƙa ƙirga wani sashe na sito kowane mako ana ci gaba da ciniki. A Odoo sai ka kunna Storage Locations, ka raba siton gida-gida, sannan a kowane gida ka cike Inventory Frequency da adadin kwanaki. Daga nan manhajar ce ke sa ranar ƙidaya ta gaba da kanta, ta fito a shafin Physical Inventory. A lura cewa jadawalin yana bin wuri ne, ba nau'in kaya ba. Saboda haka sai da muka sake jera siton: madara da man girki, masu tsada da saurin fita, a gida ɗaya mai kwana 7, taliya da sabulu kwana 30, gishiri da sauran masu jinkirin tafiya kwana 90. Jeren ya ci mana wahala, amma ya ƙara wa siton tsari ko ba don manhaja ba.

Ga misalin da ya sa na yarda da tsarin. Wata safiya manhaja ta ce akwai katan 240 na garin madara, mai ƙirga ya samu 228. Shafin yana nuna On Hand Quantity, da Counted Quantity, da Difference, ga kuma maɓallin Apply a gefe. Da an danna shi, da nan take katan 12 sun koma wani wurin ƙage da ake kira Virtual Locations/Inventory adjustment, lissafi ya daidaita, kowa ya koma harkarsa. A kuɗin sayenmu na lokacin, naira 40,000 kowane katan, an binne naira 480,000 ke nan da yatsa ɗaya.

Ba mu danna ba. Da farko muka sa wani daban ya sake ƙirgawa, ba tare da an gaya masa adadin da ke kwamfuta ko abin da na farko ya samu ba. Shi ma 228. Sai muka buɗe tarihin shige da ficen madarar na mako guda, tunda makon da ya wuce adadin ya zo daidai. Nan amfanin ƙidayar zagaye yake: takardun mako ɗaya za ka bincika, ba na wata goma sha biyu ba. Katan 5 sun fita da yamma, kwana ɗaya kafin ƙidayar, a motar wani kwastoma, akwai takardar lodi da sa hannu, amma ba a danna Validate, maɓallin da ke kammala takardar a manhaja ba, don haka manhaja na ganin suna nan. Wannan kuskuren rubutu ne, maganinsa a kammala takardar sayarwar. Da an share shi da Apply, sannan daga baya aka kammala takardar, da an cire katan 5 ɗin sau biyu, mako mai zuwa kuma a ga rarar da ba ta da asali. Katan 2 ruwan sama ya jiƙa su, an ture su bayan ƙofa ba a faɗa ba. Su muka fitar ta Scrap, wato hanyar cire kayan da suka lalace daga lissafi, da hoto da sa hannun manaja.

Saura 5. Babu takarda, babu lalacewa, babu wanda ya sani. Su kaɗai muka yi wa Apply, kuma a akwatin dalili na rubuta: "Katan 5 sun ɓata tsakanin ƙidayar makon jiya da ta yau, ba a gano dalili ba, ana bincike." Ban rubuta "sata" ba, don zargi ba hujja ba ne, ban kuma rubuta "lalacewa" ba, don ƙarya ce. Makonni na gaba giɓin ya maimaitu a gida ɗaya, ranakun da ake sauke babbar mota, sai muka sa mai lura a ƙofa lokacin sauke kaya, abin ya tsaya.

Akwai wani tarko da ya fi wannan wayo, wato haɗa rara da giɓi. Idan sabulu ya nuna rarar katan 12 a ranar da madara ta nuna giɓin 12, mai son rufa-rufa zai danna Apply All ya ce an yi kunnen doki. Katan sabulu ba kuɗin katan madara ba ne, kuma rara ita ma alamar matsala ce: ko an karɓi kaya ba a shigar ba, ko an ba wani kwastoma ƙasa da abin da ya biya. Ni a wurina kowane layi da dalilinsa. Akantanmu ma ya raba asusu: lalacewa gefe, ɓatan da ba a gano ba gefe, ba a cusa su cikin kuɗin kayan da aka sayar ba, inda za su narke ba a gani.

Abubuwa biyu na yaba a manhajar. Mai matsayin User yana iya shigar da ƙidaya, amma sai Administrator ne ke tabbatar da gyara, don haka mai riƙe da makullin sito ba ya wanke kansa da kansa, muddin ba ka raba wa kowa kalmar sirrinka ba, kamar yadda ake yi a shaguna da yawa. Na biyu, idan kaya suka motsa tsakanin ƙidaya da tabbatarwa, tana gargaɗi, ta tambaye ka ko adadin da aka ƙirga za a riƙe ko bambancin. Akwatin dalili kuwa rubutu ne sakaka, duk abin da aka sa zai karɓa, shi ya sa nake karanta Moves History, wato tarihin shige da ficen kaya, duk ranar Asabar.

Ƙidayar shekara ba mu daina ba. Manhajar tana da Annual Inventory Day and Month, wadda ke zuwa a kan 31 ga Disamba sai ka canza, masu binciken asusu kuma suna son su tsaya a ƙirga a gabansu. Ga zakkar kayan kasuwanci, wadda ke bukatar sanin abin da ke sito ranar da shekara ta cika. Ita ce kuma ke tono kayan da aka ajiye a lungun da ba a yi masa rajista ba, waɗanda jadawalin zagaye ba zai taɓa kira ba.

Mai shago ɗaya da ke zaune a kan kayansa, littafi da ƙirgen mako sun ishe shi. Mai sito da yara da motoci zai amfana da Odoo, da sharaɗin kada mai ƙirga ya zama shi ne mai danna Apply.