FSH ko AMH: wanne za a yi don sanin ƙwan da ya rage?

Matan da ke neman haihuwa suna yawan tambayata wanne ya fi cikin gwajin jinin nan biyu. Dukansu sinadaran jiki ne: FSH shi ke sa ƙwan mace ya girma, AMH kuma ƙananan jakunkunan da ƙwai ke ciki ne ke fitar da shi.

FSH ya fi araha, kuma an fi samunsa a ɗakunan gwaji. Sai dai yana da lokaci: tsakanin rana ta 2 zuwa ta 4 da fara jinin al'ada. AMH kuwa kowace rana ana ɗibarsa, amma da tsada.

Wajen karanta sakamako ne aka fi ruɗewa. FSH da ya haura 10 IU/L alama ce ƙwai ya fara raguwa, amma yakan canza wata zuwa wata, kuma idan estradiol, wani sinadarin jikin mata, ya hau da wuri sai ya danne shi. A ce mace mai shekara 36 ta samu FSH 7, ta yi murna, alhali estradiol ɗinta ya hau har 95 pg/mL. Wannan bakwai ɗin ba abin dogaro ba ce. Da aka yi AMH sai ga 0.7 ng/mL, ƙasa da 1, wato ƙwan ya yi ƙaranci.

AMH ma yana da nasa rauni. Ƙwayar tazarar haihuwa tana rage shi, masu PCOS kuma, wato matsalar sinadaran jiki da ke hana ƙwai fita a kan lokaci, nasu yakan hau. Yawan ƙwai yake nunawa, ba ingancinsa ba, don haka mai ƙaramin AMH tana iya samun ciki.

Wadda ke shirin IVF, wato haɗa ƙwai da maniyyi a ɗakin gwaji a dasa a mahaifa, AMH ya fi mata amfani. Wadda al'adarta ta ɗauke kafin shekara 40, in an tabbatar ba ciki, ta fara da FSH, a haɗa da TSH, gwajin aikin ƙullutun maƙogwaro, da prolactin, sinadarin da ke kawo ruwan nono.