Hattara da masu sayar da "manhajar ninka batir" a Kano

Jama'a, musamman masu ƙanne da 'ya'ya masu buga gem a waya, akwai wata damfara da ke yawo a garin nan. Ƙanena da muke zaune tare a Gwammaja ya faɗa, an raba shi da naira 3,500.

Wani mai tebur ne a ɗaya daga cikin kasuwannin waya ya ji shi yana ƙorafin cewa PUBG Mobile na shanye masa caji kafin a kawo wuta. Ya ce yana da wata manhaja da ba a samunta a Play Store, wai tana ninka ƙarfin batir. Ya karɓi wayar, ya tura masa ta Xender, ya yi 'yan danne-danne, ya miƙo. Yaro ya dawo gida yana murna: "Yaya, wallahi tana aiki, yau caji bai gudu ba."

Kuma gaskiya ya faɗa, cajin ya fi daɗewa. Nan ne wayon yake. Da na karɓi wayar na duba, sai na tarar mutumin ya sauya abubuwa uku da hannunsa lokacin da yake riƙe da ita. Ya rage hasken fuskar wayar daga ƙarshe zuwa ƙasa da rabi. Ya shiga Settings, ɓangaren Display, ya mayar da Refresh rate daga 120Hz zuwa 60Hz, wato maimakon fuskar ta sabunta hoto sau 120 a daƙiƙa ɗaya, yanzu sau 60 take yi. Sannan ya kunna Battery Saver. Duk ukun kyauta suke a cikin wayar tun daga kamfani.

Ƙanen nawa bai yarda ba, sai muka gwada. Muka yi wasan minti 30 daga caji 80, da manhajar da kuma saitin mutumin: kashi 7 ya sauka. Muka sake cika wa zuwa 80, muka mayar da haske da 120Hz yadda suke a da, muka kashe Battery Saver, manhajar tana nan daram: kashi 12 ya tafi. A karo na uku na goge ta gaba ɗaya, na mayar da saitin nan uku da kaina. Kashi 7 ɗin dai. To ina aikinta?

Abin da kawai take yi shi ne nuna hoton roka yana tashi, ta rubuta cewa ta kashe manhajoji kaza da ke aiki a ɓoye. Tun daga Android 14, wata manhaja ba ta da ikon rufe aikin wata ta wannan hanya, nata kawai za ta iya tsayarwa. A tsofaffin wayoyi ma da ake iya yi, WhatsApp da ire-irensa suna sake tashi da kansu, kuma tashin nan yana cin caji fiye da a bar su kwance. In kana zargin wata manhaja na shan batir, shiga Battery usage ka ga sunanta da kasonta, ka taƙaita mata aikin bayan fage daga nan.

Abin da ya fi tayar min da hankali ba kuɗin ba ne. Mai teburin ya ba manhajar tasa izinin Accessibility, wanda ke ba manhaja damar karanta abin da ke kan fuskar waya har ta danna wurare da kanta. Wayar da saƙon banki da lambar sirri ta wucin gadi ke shigowa! Rage haske ba ya buƙatar wannan izini. Duk wanda aka saka wa irinta, ya fara cire izinin, ya duba Device admin apps ko ta maƙale a can ya cire ta, don in tana ciki ba za ta gogu ba, sannan ya goge ta ya canza lambobin sirrinsa.

Abu ɗaya game da Battery Saver: yana rage wa wayar ƙarfin aiki, shi ya sa gem mai nauyi kan riƙa sarƙewa. Ƙanena ya lura da haka, amma ya ɗora wa sabis laifi. Yanzu yana kashe shi in zai yi wasa, ya bar haske a ƙasa, Refresh rate kuma a 60Hz, kuma ya daina bugawa a rana ko waya na jone da caji, don zafin Kano kaɗai ya ishi batir.

Mun koma neman kuɗinmu, mai teburin ya ce shi "aikin hannu" ya caja.