Wata shida da wayar gem a zafin Kano: abin da na gani game da raguwar gudu

Na sayi wayar a watan Disamba, lokacin hunturu, kuma a makonnin farko ban ga wani aibi a tare da ita ba. Waya ce daga cikin waɗanda ake ƙerawa musamman domin 'yan gem, babu fanka a cikinta, amma masu tallarta sun cika baki a kan girman farantin tururin da ke sanyaya ta. Ina buga Genshin Impact da PUBG Mobile da ita kusan kowane dare, hoto yana tafiya sumul a kan hotuna 60 cikin daƙiƙa. Sai da bazara ta kankama a watan Afrilu na gane cewa rabin yabon da nake yi mata sanyin gari ne ya cancance shi.

Yadda abin yake faruwa bai taɓa canzawa ba. Minti goma na farko komai lafiya, sannan bayan wayar, daidai gefen kyamara, ya fara ɗumi, hasken allo ya ragu da kansa ba tare da na taɓa shi ba, daga nan kuma hoton ya soma sarƙewa, ya sauko wajen 40, wani lokaci ƙasa da haka idan faɗa ya yi tsanani. Da farko na ɗora laifin a kan sabis, kamar yadda kowa yake yi, amma lambar jinkirin sabis da gem ɗin ke nunawa ba ta motsa ba. Wayar ce da kanta take rage gudun firosesarta domin kada zafi ya yi mata lahani, ko ya lalata batir, ko ya ƙona hannun mai riƙe da ita. Dalilin da ya sa take zaɓar wannan hanya shi ne, wutar da firosesa ke ci tana hauhawa fiye da yadda gudunta ke ƙaruwa, domin ƙarin gudu yana buƙatar ƙarin ƙarfin lantarki, saboda haka rage gudu kaɗan yana rage zafi da yawa.

Domin in tabbatar, na sauke manhajar 3DMark na yi gwajin Wild Life Extreme Stress Test, wanda yake maimaita aiki ɗaya sau 20 a jere cikin kimanin minti 20, sannan ya raba makin zagaye mafi rauni da na zagaye mafi ƙarfi, ya fitar da abin da ya kira Stability. Wayar da ta fara da maki 3,600 ta ƙare da 2,160, alal misali, tana da kashi 60 cikin ɗari ke nan. Tawa ta tsaya kusa da haka da rana a ɗakina, amma da na maimaita gwajin a ɗaki mai na'urar sanyaya iska, sai ta haura kashi 80. Makin zagayen farko kuwa bai bambanta sosai a wuraren biyu ba, kuma shi ne makin da aka fi sawa a talla. Wanda yake da kwamfuta mai manhajar adb yana iya ganin halin da wayar ke ciki kai tsaye, idan ya kunna USB debugging a wayar, ya haɗa ta da kwamfutar, ya rubuta waɗannan umarni:

```
adb shell dumpsys thermalservice
adb shell dumpsys battery
```

Umarnin farko yana nuna Thermal Status daga 0, wato babu matsala, har zuwa 6, inda wayar ke kashe kanta. Na biyun yana nuna zafin batir, sai dai a lura cewa idan ya rubuta 430, digiri 43 yake nufi.

A nan ne na fahimci iyakar farantin tururin da aka yi ta kururutawa. Wani siririn akwati ne na ƙarfe, galibi jan ƙarfe, a rufe ruf, da ɗan ruwa kaɗan a ciki. Ruwan yana zama tururi a daidai inda firosesa take, ya bazu zuwa wuraren da ba su yi zafi ba, ya koma ruwa, ya dawo ta cikin wani lallausan raga da ke manne da bangon akwatin. Aikinsa ke nan, kuma yana yin sa da kyau, domin a tawa wayar zafin ba ya taruwa wuri guda ya gasa yatsa. Amma shimfiɗa zafin kawai yake yi a jikin wayar, fitar da shi kuwa sai iskar da ke kewaye da ita ta ɗauka, kuma abin da iska ke ɗauka ya danganta da tazarar da ke tsakanin zafin bayan wayar da zafin ɗakin. A ƙaddara wayar ba ta yarda bayanta ya wuce digiri 45 ba. Mai gwaji a ɗakin da ke digiri 22 yana da tazarar digiri 23, ni kuwa a ɗakin da ya kai 38 da la'asar ina da 7 kacal, wato ƙasa da kashi ɗaya cikin uku. Faranti komai girmansa ba zai cike wannan giɓin ba, abin da zai yi shi ne ya jinkirta lokacin da gudun zai faɗi.

Wani abokina yana da RedMagic, irin wayoyin da tun 2019 ake sa musu ƙaramar fanka a ciki, tana zuƙar iska ta wata kafa tana fesar da ita ta ɗayar. Mun zauna a ɗaki ɗaya muna buga gem ɗaya, tasa ta riƙe gudunta bayan tawa ta daɗe da sassautawa. Ganin haka ya sa na sayi na'urar sanyaya da ake maƙalawa a bayan waya, mai farantin da ke yin sanyi idan an ba shi wuta, da fanka a bayansa. Ta yi aiki fiye da yadda na zata, domin da ita ina yin kusan sa'a guda hoton bai sauka daga 60 ba sai jefi-jefi. Sai dai dole a cire rigar wayar, dole a ja mata wayar wuta ta daban, tana ƙara nauyi, kuma ba ta zama daidai kan firosesa saboda tudun kyamara ya tare wurin. Da damina ta fara, na kuma ga raɓa tana taruwa a gefen farantin idan na bar ta a kunne bayan na daina wasa, don haka yanzu nakan kashe ta da zarar na ajiye gem.

Abu guda da wayar ta yi daidai, wanda da farko ban ba shi muhimmanci ba, shi ne zaɓin da ke sa wutar caja ta wuce kai tsaye ga wayar ba tare da ta cika batir ba. Caji mai sauri yana haifar da nasa zafin, kuma idan ya haɗu da na gem, raguwar gudu tana zuwa da wuri sosai, a tawa wayar kafin minti biyar. Da wannan zaɓin a kunne, zafin batir yana raguwa da digiri uku zuwa huɗu daga yadda yake idan ana caji. Na kuma gano cewa saukar da ingancin hoto mataki ɗaya tun daga farko ya fi barin sa a ƙololuwa, domin 45 da ke tsaye wuri ɗaya ya fi daɗin wasa a kan 60 da ke faɗowa 35 a tsakiyar artabu.

Da zan sake saye, ba zan dubi makin zagayen farko ba, zan nemi na zagaye na 20 da zafin ɗakin da aka yi gwajin a ciki. Wannan wayar ta ishi mai wasan rabin sa'a da dare a ƙarƙashin fanka, amma wanda yake doguwar gasa da rana a watan Afrilu ya ƙara kuɗin na'urar sanyaya a kan kuɗinta tun kafin ya biya.