Gyara da hannu a waya ko a bar wa kwamfuta? Shafin da ya kife da wanda ya karkace

Tambaya: "Assalamu alaikum. Ni ne sakataren ƙungiyarmu a Tudun Wada. Na ɗauki hoton takardun kuɗin wata-wata da aka buga da kwamfuta tun da daɗewa, shafi kusan 200, don in mayar da su rubutu. Wasu sun fito daidai, wasu sun fito shirme, wasu kuma sunan mutum ya bar kuɗinsa. An ce juyewar hoton ce. In bi su ɗaya bayan ɗaya a waya, ko akwai manhajar da za ta gyara da kanta? Wanne ya fi?"

Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Cuta biyu ce a takardun nan naka, kuma hanyar da ta fi a ɗaya ba ita ce ta fi a ɗayar ba. Waɗanda suka fito shirme, shafin ne ya kwanta a gefe ko ya kife gaba ɗaya, wato juyi na digiri 90, 180 ko 270. Waɗanda sunan mutum ya bar kuɗinsa kuwa shafin a tsaye yake, karkacewa ya ɗan yi, wataƙila digiri 2 ko 3 kawai.

Bari in fara da juyin, don ya fi sauƙi. Waya tana sanin sama da ƙasa ne ta hanyar jin inda nauyin ƙasa yake jan ta. Idan ka shimfiɗa takarda a tebur ka riƙe wayar a kwance a samanta, wannan ma'aunin ba ya da abin da zai faɗa, sai ta riƙe yadda take kafin ka kwantar da ita. Shi ya sa a zama ɗaya za ka ga shafi goma a tsaye, na sha ɗaya a kwance. Ƙari a kan haka, wayoyi da yawa ba sa juya hoton kansa. Suna ajiye shi yadda kyamara ta ɗauka, su maƙala masa wata lamba mai suna Orientation a cikin EXIF, wato bayanan da kyamara ke ɓoyewa a cikin fayil ɗin hoto: 1 na nufin daidai yake, 3 a juya shi digiri 180, 6 da 8 kuma a kwance yake ta wannan gefe ko wancan. Manhajar kallon hotuna tana karanta lambar ta nuna maka shafi a tsaye. Wasu manhajojin karanta rubutu, irin su Tesseract, ba sa duba ta. Kai kana ganin shafi lafiya lau, ita kuma a kife yake a wurinta.

Shafin da ya kife yana da alama. Haruffan boko da yawa idan aka kife su sai su zama wasu haruffan: n ta koma u, d ta koma p, b ta koma q, m ta yi kama da w, 6 ta koma 9. Saboda haka manhajar ba za ta ce ta kasa ba, za ta zubo maka layuka cike da haruffa da alamomi da ba su haɗa kalma ko ɗaya ba. Wanda ya kwanta a gefe kuma sau da yawa ba ya ba da komai, ko ya ba da ɗaiɗaikun haruffa a warwatse.

A wannan cutar, hannu da ido ba sa kuskure. Ka buɗe hoton, ka danna alamar juyawa, ka ajiye. Matsalarsa biyu. Ta farko gajiya, shafi 200 ba wasa ba ne. Ta biyu ita ce wadda na faɗa: idan lambar EXIF ce ke ɓoye matsalar, idonka ba zai ga abin gyarawa ba tun farko. Kwamfuta kuwa tana gama wannan da layin umarni ɗaya, da manhajar gyaran hoto mai suna ImageMagick:

```
magick shafi.jpg -auto-orient shafi.png
```

Wannan yana bin lambar ya juya hoton kansa da gaske. Amma idan wayar ce ta rubuta lambar ba daidai ba, umarnin zai bi ta a kan kuskurenta. Nan sai a tambayi rubutun da kansa, da Tesseract:

```
tesseract shafi.png - --psm 0
```

Zai fito da layuka 'yan kaɗan. Biyu ne abin dubawa: `Rotate:` wanda ke faɗin digirin da za a juya, da `Orientation confidence:` wanda ke faɗin yadda ya gamsu da amsarsa. Idan ya ce `Rotate: 180` sai ka ba ImageMagick `-rotate 180`. Tesseract yana gane hakan ne ta gwada siffar haruffa ta fuskoki huɗu ya ga inda suka fi zama haruffa, don haka yana buƙatar rubutu da yawa. Shafin da yake da layi biyu da sa hannu da hatimi, ko dai ya ce `Too few characters` ya tsallake shi, ko ya ba da amsa da ƙaramar gamsuwa. Rubutun hannu ma, na boko ko na ajami, ba abin dogara ba ne a wurinsa.  Naka kuma lambobi sun yi yawa a ciki, lambobi irin 0 da 8 da 1 kuwa kusan ɗaya suke a tsaye da a kife, sunayen ne za su taimake shi.

To a juyi, hukuncina shi ne kwamfuta ta yi aikin, ido ya bi baya. Bayan ta gama, ka buɗe jakar hotunan ƙanana-ƙanana a allo, wanda ya saura a kwance zai yi maka tsalle a ido, wanda ya kife kuma ka duba ko kan takardar yana sama.

Karkata ita ce wadda nake so ka tsaya a kanta, domin ba ta yin hayaniya. Rubutun zai fito da Hausa mai kyau da lambobi masu kyau, sai dai ba a mazauninsu ba. Ɗauki shafi ɗaya daga naka. Faɗin takardar A4 santimita 21 ne. Mu ce suna yana hagu, kuɗi yana dama, tsakaninsu santimita 15 babu komai, babu layin tebur, kuma daga layi zuwa layi santimita 0.6. Kowane digiri ɗaya na karkata yana sauke ƙarshen layin da kusan milimita 2.6 a wannan nisan. Digiri 2 ya zama rabin santimita da ɗan ɗoriya, ya kusa kai layi guda. Digiri 3 ya kai santimita 0.8, ya wuce layi guda. Ma'ana, idan gefen dama ne ya yi ƙasa, kuɗin mutum na farko ya sauko ya zauna daidai da sunan mutum na biyu. Idan na farko ya biya naira 5,000, na biyu 2,000, na uku 10,000, rubutun zai iya nuna na farko babu komai, na biyu 5,000, na uku 2,000, a can ƙasa kuma wata lamba ta saura ita kaɗai ba suna. Jimillar shafin tana nan daidai, wannan ne ya sa ba a kama ta da lissafi. Ana kama ta ne a zaman ƙungiya, lokacin da wani ya miƙe ya ce shi fa ya biya.

A rubutu mai sakin layi manhaja tana iya bin layin ko ya ɗan sunkuya, saboda kalmomi suna kusa da juna kamar jerin gwano. Gibin da ke tsakanin suna da kuɗi ne ke raba ta da hanya. Saboda haka karkatar da wasiƙa za ta jure, takardar kuɗi ba za ta jure ba.

Ta hannu, a Google Photos ko manhajar hotunan da ta zo da wayarka, wurin yanke hoto yana da ma'auni da ake ja da yatsa, kuma layukan murabba'i suna bayyana a kan hoton. Kada ka daidaita da gefen takarda. Takardar da aka yi wa kwafi a shago sau da yawa rubutun ne ya hau ta a karkace, gefenta kuwa a miƙe. Ka zaɓi layi ɗaya a tsakiyar shafi, ka ja har suna da kuɗinsa su zauna a kan layin murabba'i guda. Ta kwamfuta kuma:

```
magick shafi.png -deskew 40% +repage gyararre.png
```

Wannan yana auna layukan rubutun ya miƙe su, kuma a shafi mai tsabta ya fi yatsa daidaito. Sai dai an yi shi ne don karkata 'yar kaɗan, ba ya tayar da shafin da ya kwanta, ba ya kuma gane wanda ya kife, domin layuka a kife ma a miƙe suke. Haka nan idan tebur mai duhu ko tabarma ko darduma mai zane ta shigo hoton, yana iya auna su a maimakon rubutu. Dole a yanke gefen kafin a ba shi. Daga nan jerin aikin ya fito da kansa: lambar EXIF, juyi, yanke gefe, miƙe karkata, sannan karatu. Na sa a ajiye da PNG ne da gangan, don JPEG yana rage kaifin haruffa duk lokacin da aka gyara aka sake ajiyewa. Idan ka haɗa shafukan a PDF, OCRmyPDF, wanda ke karanta rubutun da ke cikin PDF, yana yin juyi da miƙe karkata tare da `--rotate-pages` da `--deskew`, amma shi ma shafin da bai gamsu da shi ba barinsa yake yi yadda ya same shi.

Akwai kashi na uku da babu ɗaya daga cikin hanyoyin nan biyu da zai gyara ta juyawa. Idan ka ɗauki hoton kana zaune, wayar tana kallon takardar daga gefe, shafin zai fito kamar ƙasansa ya fi samansa faɗi, ko layin sama ya karkata da digiri 1 na ƙasa da digiri 4. Ka miƙe na sama, na ƙasa ya ƙara lalacewa. Gwajinsa: bayan gyara, duba layin farko da na ƙarshe. Idan ɗaya ya miƙe ɗaya bai miƙe ba, wannan ne. Maganinsa manhajar da ke kama kusurwoyi huɗu na takarda ta shimfiɗe ta, irin Adobe Scan ko wurin `Scan` na Google Drive. Ka duba kusurwoyin da ta kama da idonka, farar takarda a kan farin tayil tana ruɗa ta. Shafin da yake cikin fayil mai kauri har ya lanƙwasa wajen ɗinki kuwa, ciro shi ka sake ɗauka ya fi duk wani gyara sauri.

Da ni ne kai, tunda takardun suna hannunka, ga abin da zan yi. Idan akwai kwamfuta da wanda ya iya buga umarni, ko a shagon buga takardu ne, ka ba shi hotunan asali ta waya da kebul, ko ta WhatsApp a matsayin `Document`, domin tura su a matsayin hoto yana matse su, ƙananan lambobi su dushe. Ya bi jerin nan a kan duka 200. Idan babu, kada ka zauna kana jan ma'auni da yatsa sau 200, ka sake ɗaukar waɗanda suka lalace da manhajar kama kusurwa, takarda a kan abu mai duhu marar zane, wayar a kwance daidai samanta. Ko wacce ka bi, kowane shafi ka gwada suna na farko da na ƙarshe da kuɗinsu da takardar asali, ka kuma ƙirga ko yawan sunaye ya zo daidai da yawan lambobi. Haruffa masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, wataƙila su fito b da d da k ko da shafin ya miƙe sarai. Wannan ba laifin juyi ba ne, a sunayen mutane sai ka gyara su da hannu.