Manhajar Bashi: Yadda Ake Gane Mai Lasisi Daga Mai Tona Asiri

Mai ba da bashi na gaskiya jinginarsa tarihin biyan bashinka ne da abin da kake samu. Manhajar ƙarya kuwa jinginarta mutuncinka ne, shi ya sa ba ta damu da takardun aikinka ba. Abin da take nema lambobin da ke cikin wayarka ne: na surukinka, na maigidanka a wurin aiki, na duk wanda kake jin kunyarsa. Ana iya gane wannan bambanci tun kafin a karɓi ko sisi.

Fara da izinin da manhajar ta nema. Mai lasisi zai buƙaci katin shaida, lambar asusun banki, wataƙila da kyamara don ɗaukar hoton fuskarka. Idan kuwa allon ya nuno Contacts, ko hotunan wayarka, ko tarihin kiranka, kuma manhajar ta ƙi ci gaba sai ka danna Allow, tsaya nan. Da ka danna, ana iya kwafe lambobin zuwa na'urarsu cikin daƙiƙoƙi, goge manhajar daga baya ba ya dawo da su. Tun 31 ga Mayu 2023 Google Play ta hana manhajojin bashi taɓa lambobin mutane da hotunansu, don haka wadda ke neman su yau ko ta karya doka, ko ba daga can ta fito ba. Shi ya sa masu manhajar ƙarya suke son turo maka fayil ɗin APK, wato fayil ɗin saka manhaja kai tsaye a waya, ta WhatsApp ko saƙon tes, inda babu mai tantance shi. Sai dai kasancewa a Google Play ma ba wanke kai ba ne: a Disamba 2023 kamfanin tsaron intanet na ESET ya bankaɗo irin waɗannan manhajoji 18 da aka sauke fiye da sau miliyan 12 daga can.

Sai lissafi, wanda a nan ne gaggawa ke rufe wa mutane ido. Mu ƙaddara kana neman 10,000. Manhaja ta farko ta ce ruwanta kaɗan ne, amma ta cire 3,000 da sunan kuɗin hidima, 7,000 suka shigo asusunka, ta ce ka maido 10,000 cikin kwana 7. Ruwan ba kashi 30 cikin ɗari ba ne kamar yadda yake a ido. Raba 3,000 da 7,000 ɗin da ka karɓa a hannu, za ka samu kusan kashi 43, a mako ɗaya tak. Ta biyu ta ba ka 10,000 cif, kashi 5 kowane wata har wata 3, jimilla 11,500, kuma ta nuna maka jadawalin biya kafin ka amince. Ita ma ba arha ba ce, amma ka san abin da ka shiga. Gajeren wa'adin nan da gangan ne: idan ka kasa biya, sai a tura ka wata manhajar, sau da yawa ta mutanen nan ɗaya, ka ci sabon bashi ka toshe tsohon. Dokokin Google Play da App Store duka sun haramta bashin da ake tilasta biyansa gaba ɗaya cikin kwana 60 ko ƙasa da haka.

Batun lasisi, kada ka yarda da hoton takarda da ke cikin manhajar, kowa na iya haɗa shi. Nemo sunan kamfanin da ya mallake ta, wanda sau da yawa ya bambanta da sunan manhajar, ka duba shi a jerin hukumar ƙasarka. A Najeriya hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ke wallafa jerin waɗanda ta amince da su, a Kenya Babban Bankin ƙasar ne. Idan ba ka ga adireshin ofis ba, ko aka ce ka biya cikin asusu mai sunan wani mutum, ka riga ka samu amsa.

Taurari biyar da ake ba manhaja a shafin sauke ta ba sa burge ni, ana sayen su. Ni ra'ayoyin masu tauraro ɗaya nake karantawa. Idan mutane suna kukan tsadar ruwa ko jinkirin amincewa, wannan koken ciniki ne. Idan kuma suna cewa an kira iyayensu, an yaɗa hotonsu da sunan ɓarawo, ko an zuba musu kuɗin da ba su nema ba aka bi su da ruwa, wannan wani abu ne daban. Mai lasisi shi ma zai matsa maka idan ka makara: zai kira ka, ya ɗora tara, ya kai sunanka hukumar tattara bayanan masu bashi, har kotu. Amma duk wannan tsakaninka da shi ne, da wanda ka ba da sunansa da kanka a matsayin mai tsaya maka.